Jadawalin adabi na saye ba ya amsa tambayar jarrabawa

Tun da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, masu fotokwafi a bakin makarantun Kano suka samu sabuwar haja: takarda biyu ko uku da aka tsara littattafan adabi a jadawali, ga jigo, ga taurari, ga maganganun haddacewa. Har wasu malaman lesin na cewa wanda ya riƙe wannan ba sai ya buɗe littafi ba. Wannan magana ce ta ɓata mini rai.

Makon jiya 'yar yayana da ke Gwammaja ta kawo mini irin takardar, a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. A gaban sunan Makau, mijin mahaifiyar Umar, an rubuta "mai gaskiya", a gaban mahaifiyar Umar "mai haƙuri". Na ce ta nuna mini inda gaskiyar Makau ta bayyana. Ta yi shiru, can ta ce, "Baffa, ai haka aka rubuta." Ba laifinta ba ne. An sayar mata da hukunci, an riƙe hujjar, alhali mai duba takarda hujjar yake ba maki.

Ni ba na adawa da jadawali, da shi nake koyarwa. Amma jadawalin da ke aiki shi ne wanda ɗalibi ya zana da hannunsa bayan ya karanta littafin. A buɗe tsakiyar littafin rubutu, a jera jigogi huɗu ko biyar daga sama zuwa ƙasa, a jera taurari a saman shafi. Duk gidan da jigo ya haɗu da tauraro, abu uku ke shiga: abin da ya faru, 'yar gajeriyar magana daga littafin, da jimla ɗaya ta ɗalibin kansa a kan abin da wannan ya nuna.

Ɗauki layin bauta a Shaihu Umar. A gidan Umar, an sace shi yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami. A gidan mahaifiyarsa, 'ya ce da ta fita neman ɗanta aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya, kuma ba ta daɗe ba bayan sun sadu ta rasu. Gidan Makau shi ne takardun saye ke tsallakewa: shi kansa da shi ake fita harin kamo bayi, kuma a kan bayin ne mahassada suka ƙulla masa sharri a wurin sarki har aka kore shi. Yarinyar da ta cike gidajen nan uku, in aka ce ta tattauna jigon bauta, tana da sakin layi uku a hannu, kuma tana da abin faɗa: bauta ɗaya ce, amma ta kai wani ga ilimi, ta lalata rayuwar wata, ta kuma zama sana'ar mutumin da littafin ke nuna shi na kirki. Wanda ya haddace "mai gaskiya" kuwa, labari zai hau bayarwa daga farko har lokaci ya ƙare.

Batun maganganun da ake ɗaukowa ma, an mayar da shi hadda. Ana ba yara sakin layi guda su haddace, su zo su juye shi inda bai dace ba. Kalma biyar zuwa goma ta isa, kuma a fifita wadda za ta shiga gida biyu, ta yi aiki a tambayar jigo ta yi a ta tauraro. A rubuta wa ya faɗe ta, ga wa, a wane hali, domin lambar shafi kaɗai tana sauyawa daga bugu zuwa bugu. In kalmomin sun kuɓuce a ɗakin jarrabawa, a faɗi ma'anar ba tare da alamar zance ba. Ya fi a ƙirƙira wa marubuci abin da bai ce ba.

Masu cewa babu lokacin karanta littattafan, Shaihu Umar bai fi karatun yamma biyu ba. Masu cewa takardar saye na taimakon raunana kuwa, raunanan ta fi kayarwa, tunda su ne ba za su iya gane inda ta yi kuskure ba.

Shugabannin makarantu su daina bari ana tallar takardun nan a aji, malamai kuma su ware darasi ɗaya a mako na cike gidaje. Gwajin ba wuya: a rufe jadawalin, a ɗauko tambayar shekarun baya, a ba yaro minti biyar ya kawo hujja uku. Na yi wa 'yar yayana haka ranar Asabar, ta kawo biyu, ta koma neman ta uku a wurin da aka kori Makau.