Ƙarin albashin da ke ƙarewa a kan hanya

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar ɗaukar aiki ya san inda idonsa ke fara sauka. Zai tsallake gaisuwa, ya tsallake sunan muƙami, ya dire a kan adadin albashi. Idan ya ɗara wanda yake karɓa yanzu, magana ta ƙare, sai a shiga taya murna. A ganina wannan adadin shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin takardar, domin ba shi ne zai kwana a aljihun ma'aikaci ba. Abin da ya kamata a gwada tsakanin aiki da aiki shi ne kuɗin da ke saura bayan an cire duk abin da aikin da kansa ya tilasta maka kashewa, sannan a raba shi da awannin da aikin ya ci maka, har da na kan hanya.

Tun farko akwai ƙa'ida ɗaya da mutane ke yawan kuskurewa, ta ɓangare biyu. Wani ba ya lissafa komai. Wani kuma ya ɗora wa aikin dukan kuɗin hayarsa da na abincinsa, kamar da can a sararin sama yake kwana yana shan iska. Ko da aiki ko babu, za ka ci abinci, za ka sa tufa, za ka biya wurin kwana. Abin da ake ɗora wa aiki shi ne bambancin kawai, wato ƙarin da ba don wannan aikin ba da ba ka kashe shi ba.

Mu ɗauki misalin wata ma'aikaciya. Alƙaluman na misali ne, ban sa musu sunan kuɗin kowace ƙasa ba, don yadda suke da juna shi ne abin dubawa. Albashinta na yanzu 1,000 ne a wata. Ana cire haraji da kuɗin fansho 100, ta karɓi 900. Ofishin ba shi da nisa, mota ɗaya take shiga, zuwa da dawowa 2 a rana. A wata mai ranakun aiki 22, ya kama 44. Da abincinta take fita daga gida, kayan da take sawa kuma su ne waɗanda take da su. Saura 856.

Sai ga sabon aiki a can ɗaya gefen birni, albashi 1,400. Ƙarin kashi 40 cikin 100 ke nan, wa zai ƙi? Amma a ƙasashe da yawa haraji hawa-hawa ne, ƙarin da aka samu yana faɗawa a matakin da ake yanka da yawa. A ce yanzu ana cire kashi 15 cikin 100, wato 210. Abin da zai shigo hannunta 1,190 ne. Tun ba ta taka ƙofar ofishin ba, ƙarin 400 ya koma 290.

Kuɗin mota shi ne inda lissafi ya fi ruɗin mutum, saboda kowa yana lissafa ranar da komai ya tafi daidai. Mota biyu zuwa, biyu dawowa, 8 a rana, 176 a wata. To amma akwai ranar da ruwan sama zai tsuge tana tsaye a tasha, motoci uku su wuce a cike maƙil, ta duba agogo ta ga saura minti arba'in a rufe rajistar shiga. Dole ta ɗauki tasi. Akwai ranar da taro zai kai dare. Sau huɗu kawai a wata, kowanne da ƙarin 10, ya zama 40. Jimilla 216. Wanda yake da motar kansa ma bai tsira ba, hasali ma shi ya fi yaudarar kansa, don kuɗin mai kaɗai yake gani. Taya, baƙin mai, birki, kuɗin ajiye mota da faɗuwar darajar motar duk suna bin nisan tafiya ne, sai dai ba kullum ake biyansu ba, rana ɗaya suke taruwa a wurin makanike.

Ƙarin kuɗin abinci kuwa nisa ne ke haifar da shi. Wadda za ta fita tun gari bai waye ba ta dawo bayan duhu, ba ta da lokacin girkin da za ta tafi da shi. Karin kumallo da abincin rana duk a waje, 6 a rana, alhali na gida 2 yake ci mata. Bambancin 4 ne, sau 22, ya ba da 88. Sutura kuma, tunda sabon wurin yana da ƙa'idar shiga, a ce 360 a shekara tsakanin kaya da takalma da jaka, wato 30 a wata, ga wanki da guga 15. Ya zama 45.

A haɗa 216 da 88 da 45, an samu 349. A cire daga 1,190, saura 841. A tsohon aikinta 856 ke saura. Ƙarin albashin kashi 40 cikin 100 ya ƙare da ragin 15 a wata.

Wannan ma kafin a zo kan lokaci ne, wanda ni a wurina shi ne babban al'amarin. Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana da awa 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, amma agogon da ake ƙirgawa a bakin ƙofar wurin aiki yake farawa. Awannin kan hanya na ma'aikaci ne, shi ke bayar da su kyauta. A tsohon aikin, awa 8 a ofis da awa 1 a hanya, 198 a wata. Kowace awa tana kawo mata kusan 4.3. A sabon, an rubuta awa 8 amma ba mai tashi kafin awa 9, ga awa 3 a hanya, 264 a wata. Kowace awa ta koma kusan 3.2. Awa 66 aka ƙara mata a wata, sama da ranakun aiki takwas, a kan kuɗin da bai kai na da ba. Masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun wallafa wani bincike a 2008 da bayanan mutanen Jamus, suka ga masu doguwar tafiya zuwa aiki suna bayyana ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu. Da a ce albashi mai tsoka ko gida mai araha yana biyan wahalar hanyar, da ba a ga wannan giɓin ba.

Za a ce ai sai ta tashi ta koma kusa da ofis. Shawara ce mai ma'ana, amma haya da kuɗin mota kamar sikeli suke, ka danne ɗaya ɗayan ya ɗaga. Gidan da ke kusa da inda ayyuka suka taru yana da tsada ne saboda kusancin, masu gidajen sun riga sun sa kuɗin motar da za ka huta da biya a cikin hayar. A ce hayarta ta yanzu 200, ta kusa da ofis 380. Ƙarin 180 ne ake ɗora wa aikin. Kuɗin mota ya dawo 44, bambancin abinci ya sauko 44 tunda yanzu za ta karya a gida, sutura tana nan 45. Jimilla 313, saura 877. Ga alama an fita. Sai dai tashi ba kyauta ba ne: kuɗin dillali, motar kwasar kaya, gyare-gyare da labulen da bai yi daidai da sabuwar taga ba. A ce 600. Irin wannan kuɗi na lokaci ɗaya ana raba shi ne da watannin da mutum ke sa ran zai yi a aikin. Idan shekara biyu ce, 25 a wata, saura 852. Idan aka sallame ta bayan shekara ɗaya, ko ba a tabbatar da ita ba bayan watannin gwaji, nauyin ya ninka, kuma ga ta da haya mai tsada a unguwar da ba ta da sauran dalilin zama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Nan ne ma nake ganin shawarar nan da ta bazu, wai kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga, take ɓatar da mutane. Asalinta dokar gidajen haya na gwamnati ce ta Amurka, wadda ta sa iyaka a kashi 25 a 1969, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Ba ta ce komai a kan sufuri ba. Mutum na iya cika wannan sharaɗi ta hanyar kama gida a bayan gari, sannan hanya ta cinye abin da ya rage da ƙari. Haya da sufuri tare ake auna su, a matsayin abu ɗaya.

Ba ina cewa ta ƙi aikin ba ne. Lissafin yana da iyakarsa. Kuɗin fanshon da aka cire nata ne, gaba zai dawo. Idan sabon wurin yana da inshorar lafiya, ko motar ma'aikata, ko abincin rana, a ƙiyasta kuɗinsu a mayar cikin lissafi, motar ma'aikata kaɗai na iya juya sakamakon. Awa ɗaya a zaune cikin jirgin ƙasa da littafi a hannu ba daidai take da awa ɗaya a tsaye cikin cunkoso ba. Mai zaman kashe wando kuma nasa lissafin daban ne, shi da babu yake gwadawa, ko da yake shi ma sai ya tanadi kuɗin mota da sutura na watan farko kafin albashi ya shigo. Akwai kuma aikin da ake karɓa da asara da gangan, don sana'ar da za a koya ko matakin da zai buɗe bayan shekara biyu. Wannan jari ne, ba laifi, muddin mutum ya san nawa yake zubawa kuma zuwa yaushe. Abin da ba na so shi ne mutum ya shiga asara yana zaton riba ce, sai ya ga tun tsakiyar wata yana neman rance, ya ɗora wa kansa laifin rashin tattali alhali tun daga takardar ɗaukar aiki kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Amfanin lissafin na gaske a wurin ciniki yake. Idan tana son kowace awa tata ta ci gaba da kawo 4.3 ba tare da ta tashi daga gidanta ba, sai awa 264 su ba ta kusan 1,140. A ƙara 349 na ɗawainiyar aikin, tana bukatar kusan 1,490 a hannu, wato albashin da ya kai 1,750 kafin a cire haraji. Da wuya a ba ta hakan, amma yanzu ta san abin da za ta nema a madadinsa. Kwana biyu a mako na aiki daga gida zai rage mata kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin mota da na abincin waje, ya dawo mata da awa 6 a kowane mako. Sauya lokacin shiga da awa ɗaya na iya fitar da ita daga cunkoson safe. Kafin ta sa hannu kuma, ta tashi wata ranar Litinin ta bi hanyar da kanta a daidai lokacin da za ta riƙa fita, ta rubuta abin da ta biya da mintunan da ta ɓata, ta kuma tsaya a bakin ofishin da yamma ta ga ƙarfe nawa ma'aikatan ke fitowa.