In za ka nemi ganin babba, faɗi abin da ya kawo ka tun a saƙo

A ƙauyukanmu na ƙasar Haɗeja, in mutum yana son ganin wani babba a kamfani ko a ma'aikata, abin da aka saba shi ne ya yi sammako ya shiga mota, ya je ya zauna a benci bakin ofis. In sakatare ya tambaye shi me ke tafe da shi, sai ya ce gaisuwa ya zo, ko ya ce maganar ta baki da baki ce. Muna ɗaukar wannan a matsayin ladabi. Ni kuwa tun da aiki ya kawo ni Birtaniya na ga yadda ake neman ganin shugaban kamfani, na gamsu cewa ɓoye dalili cutar mai nema yake yi.

Ku duba abin daga ɓangaren wanda ake nema. Shugaban kamfani a Kano, ko a Sharaɗa yake ko a Bompai, kullum akwai masu sallama da shi, kuma da yawansu neman taimako ne ko neman aiki ga yaro. In takarda ta iso ba dalili a jikinta, a wannan sahu zai sa ta, ya ce a ce ya fita. Manomin da ya zo da ciniki na gaskiya sai ya koma gida ya yi asarar kuɗin mota da wunin gona, yana cewa masu kuɗi ba sa ganin talaka, alhali ba a ma san da me ya zo ba.

A nan inda nake, ƙaramin ma'aikaci yakan rubuta wa darakta layi huɗu ko biyar: ga ni wane, ga maganar, minti goma sha biyar nake nema, ga lokuta uku a zaɓa. Ba wanda ke ganin ya yi rashin kunya. Abin da ake ƙyama shi ne a ce "ina son mu yi magana" a yi shiru.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A ce ƙungiyar manoman shinkafa ce a Auyo, inda ake noman rani da ruwan madatsar kwarin Haɗeja, suna son su sayar wa wani kamfanin casar shinkafa a Kano kai tsaye ba ta hannun dillalai ba. Ga irin saƙon da shugabansu zai tura, ko a takarda ko ta WhatsApp:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an wuni lafiya. Ni ne shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu a ƙaramar hukumar Auyo. Wakilinku mai saye a Haɗeja ne ya ba ni wannan lamba. A girbin bana muna da shanshera kimanin tan 60, lodin tirela biyu, busasshiya, danshinta bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba. Muna son mu sayar wa kamfaninku kai tsaye, kuma muna neman minti 15 mu ji sharuɗɗanku na awo da biya. Za mu iya zuwa ofis Talata 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, ko Laraba 12 ga wata da ƙarfe 3 na yamma, ko Litinin 17 ga wata da ƙarfe 12. In babu wanda ya dace, a ba mu ranar da ta yi wa yallaɓai, ko mu yi ta waya. In kuma akwai wanda ya fi dacewa mu gani, a haɗa mu da shi. Allah ya ƙara girma."

Sallama da gaisuwa suna nan, ba a zubar da su ba. Wannan kam mun fi Turawa, don saƙonsu wani lokaci yakan zo a bushe ƙwarai, kuma in ka tura wa dattijon Bakano irinsa ba sallama, ka ɓata tun ba a fara ba. Haka al'adarmu ta neman wanda zai shige maka gaba tana da amfani, shi ya sa aka ambaci wanda ya ba da lamba. Sai dai a nemi izininsa tukuna, don ana iya kiransa a tambaya.

Zuciyar saƙon ita ce tan 60 da kashi 14. "Muna da shinkafa da yawa" ba ya gaya wa mai kamfani komai. Da adadi a gabansa, nan take zai san ko abin ya kai ya zauna da ku ko ya tura ku wurin manajan saye. Danshi kuwa shi ne abin da masu casa suka fi yin rigima a kai, domin jiƙaƙƙiyar shanshera tana ƙara nauyi a sikeli kuma tana rima a sito. Wanda ya ambace shi ya nuna ya san harkar. Amma kada a rubuta adadin da ba a auna ba. In an ce 60 aka zo da 35, ganawa ta biyu ta yi wuya.

Batun lokaci shi ne inda mutanenmu suka fi yi mini gardama. Suna cewa ta yaya na ƙasa zai yanka wa babba lokaci, ai sai a ce "duk lokacin da yallaɓai ya ga dama". Na fahimci kunyar da ke ciki, amma wannan magana aiki take ɗora wa mutumin: shi zai buɗe jadawalinsa ya nemo gurbi, ya rubuto, ya jira amsa, kuma mai hidima da yawa sai ya ce zai duba anjima, shi ke nan. Lokaci ɗaya tak kuma ya zama umarni. Uku a ranaku daban-daban, wani da hantsi wani da yamma, sun ba shi damar ya amsa da kalma ɗaya: Laraba. Jimlar da ta biyo baya, wadda ta bar masa ya zaɓi wata rana, ita ce ke riƙe da girmansa.

Kuma lokutan su zama waɗanda ku ma za ku iya cikawa. Daga Auyo zuwa Kano tafiyar awa uku ce ko fiye, saboda haka kada ku rubuta ƙarfe 9 na safe don a ga himmarku. A kauce wa Juma'a da lokacin Azahar. A bar aƙalla mako guda tsakanin tura saƙo da rana ta farko, kuma a haɗa rana da kwanan wata, domin "Talata mai zuwa" tana rikicewa in an karanta saƙon bayan kwana huɗu.

Amsar da ta dawo ita za ta nuna muku inda saƙon ya gaza. In aka ce "me ake ciki?", dalilinku bai fito ba. In aka ce "ku zo kawai", ku nemi rana da sunan wanda za ku ambata wa maigadi, in ba haka ba bencin nan ne dai. In aka tura ku wurin manajan saye, kada ku ji an raina ku, sau da yawa shi ne mai sa hannu a kan farashi. In kuma shiru ne, a jira mako guda a sake tuntuɓa sau ɗaya ta hannun sakatare da sababbin ranaku, ba a yi ta kira da dare ba. Sakataren nan a girmama shi a gaya masa dalilin yadda yake, don jadawalin a hannunsa yake.

Wannan duk maganar ofis ce da kamfani. Fadar hakimi ko ta sarki tana da nata tsarin na iso, kuma ba na ba kowa shawarar ya aika wa fada zaɓin lokuta uku.

Ranar ganawa ku je mutum biyu, ba ayari ba, da samfurin shinkafar a leda da tambayoyinku a rubuce: farashi, wa zai biya mota, kwana nawa kafin kuɗi su shigo. In minti 15 sun cika, ku ne za ku fara cewa lokacin da kuka roƙa ya ƙare, sai in shi ya ce ku ci gaba.