Kofin zoɓo ɗaya bayan tiyatar rage tumbi

A wata walimar suna da 'yan'uwa suka yi a wani zaure a Birmingham ta Ingila, wata Hajiya da ta zo ziyara daga gida ta zauna a teburin mata. Wata huɗu ke nan da aka yi mata tiyatar rage tumbi a wata ƙasar waje, irin wadda ake kewaye ciki da farkon hanji, amma ban da mijinta babu wanda ya sani. Aka zuba mata shinkafa dafa-duka, aka miƙo zoɓo mai sukari. Ta ce ta ƙoshi, uwar jaririyar ta ce, "Haba Yaya, ki daure ki sha, don ke na haɗa shi." Ta kora loma huɗu da kofi guda. Ba a yi minti ashirin ba gumi ya karyo mata, zuciya na dukan uku-uku, ciki na murɗawa, ta zame ta kwanta a kan kujeru. Wata ta ce sukarinta ne ya sauka, a kawo lemon kwalba. Wata ta ce kambun baka ne.

Ba ko ɗaya ba ne, kuma da ta sha lemon nan, da ya ƙara dagula lamarin. Likitocin nan suna kiran abin damfin, wato zubewar abinci cikin hanji farat ɗaya. A wannan tiyata ana yanke wata 'yar jaka daga saman tumbi, girmanta kamar ƙwan kaza, tana ɗaukar kimanin mililita 30, a ɗinke ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Ƙofar da Allah ya yi a ƙasan tumbi, mai sakin abinci kaɗan-kaɗan, an kewaye ta. To idan ruwa mai zaƙi ya faɗa hanji a lokaci guda, sai ya janyo ruwa daga cikin jini zuwa hanjin. Hanji ya kumbura, jini ya sauka, sai jiri da faɗuwar gaba da gudawa, yawanci minti 10 zuwa 30 bayan ci. Maganinsa a lokacin shi ne mutum ya kwanta kamar rabin awa, kada a ɗura masa komai mai zaƙi.

Akwai damfin iri na biyu, kuma shi ne matar nan mai kiran lemo ta ji labarinsa. Yana zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan ci. Sukari ya shiga jini da gudu, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗi warwas: rawar hannu, gumi, yunwa mai tsanani, ruɗewa, wani lokaci suma. Nan kam ana ba da sukari mai saurin shiga kamar giram 15 idan mutum yana iya haɗiya, sannan a bi shi da abu mai riƙe ciki, ƙwai ko gyaɗa. Agogo ne ke raba su, shi ya sa tambayar farko ita ce yaushe ta ci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya taɓa faɗa wa Hajiya wannan. An yi aiki, an sallame ta da takarda guda, ta hau jirgi. A nan Ingila, wanda aka yi wa aikin a ƙarƙashin NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, yana zama da masanin abinci tun kafin a taɓa shi. Za a ba shi ɗan littafi mai hotunan faranti, a nuna masa farantin shayi a ce daga yau wannan ne kwanonka, a ce ya nemi ƙaramin cokali, ya tauna loma kamar sau 20, ya ajiye cokalin tsakanin loma da loma, idan minti 20 ya cika ya tashi ko da saura. Kimanin mako biyu na farko ruwa-ruwa kawai, sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi, kafin abinci sosai wajen mako shida zuwa takwas. Ba a haɗa ci da sha: sai an yi minti 30 da gama ci a kurɓi ruwa, ana neman lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni, kurɓi-kurɓi. Asibitin yana bin mutum shekara biyu, daga nan likitan unguwa ya karɓa. Wasiƙar tuni kuwa sai ta same ka har ƙofar gida.

Damfin yana da hayaniya amma yana wucewa. Wanda na fi tsoro shi ne ƙarancin sinadarai, domin shi shiru yake zuwa. Farkon hanjin da aka kewaye nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam, tumbin da aka bari gefe kuma shi ke taimakawa wajen tsotsar bitamin B12. Don haka tsarin nan shi ne allurar B12 miligiram 1 duk wata uku har ƙarshen rayuwa, ƙwayar ƙarfe kullum, kalsiyam da bitamin D, da ƙwayar haɗakar bitamin mai ɗauke da zinki da tagulla. A raba ƙarfe da kalsiyam da awa biyu, kada kuma a haɗiye ƙwayar ƙarfe da shayi, don yana hana ta shiga. Ana gwajin jini a wata 3, 6 da 12, sannan duk shekara. Hanta tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa mutum zai daina allura ya ce lafiyarsa lau, sai bayan shekara biyu ko uku tafin ƙafa ya fara mutuwa, tafiya ta koma tangaɗi, mantuwa ta yi yawa. Jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo daidai ba. Bitamin B1 shi kuma ajiyarsa ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Wanda yake ta amai kwana da kwanaki bayan aiki, ya fara ganin abu bibbiyu ko magana ta rikice, asibiti yake buƙata a ranar, kuma a ba shi B1 kafin ƙarin ruwa mai sukari. Ga shi mu da mutum ya galabaita, ƙarin ruwa muke fara nema.

Ba na cewa gida babu ƙwararru, akwai su. Kuma littafin Turawan nan ma yana ba ni haushi, cike yake da cuku da dankalin Turawa, ko kalma ɗaya babu a kan tuwo, kunu ko fura. Ana neman furotin giram 60 zuwa 80 a rana, kuma kicin ɗinmu ya fi ƙarfin wannan: ƙwai biyu da safe giram 12, kifi giram 100 da rana kimanin 20, kofin kindirmo marar sukari kimanin 8, sai alale, awara da dambun kaza su cike sauran. A fara da nama ko wake, sai ganye, tuwo loma ɗaya ko biyu a ƙarshe idan da wuri. Kunu da sukari, fura mai zaƙi, da buɗa-bakin da ake jera dabino da lemo da kunu a minti biyar, waɗannan su ne ainihin tarkon. Azumi a watannin farko kuwa sai da shawarar likita.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba muddin ana ɓoye tiyatar kamar abin kunya. Baturiya za ta zauna a tebur ta ce an yi mini aiki, ba na sha da abinci, kowa ya ci gaba da hirarsa. Tamu kuwa gara ta sha zoɓon ta kwanta da a ce ta je an yanke mata ciki don ta rame, ko a ce ta raina girkin ƙanwarta. Ni ma ina kewar wannan "ƙara mana" ɗin, a garin da maƙwabci zai shekara bai miƙo maka ko ruwa ba. Uwar jaririyar ba ta yi laifi ba. Da an faɗa mata tun farko, da ta ware wa yayarta kofi guda marar sukari, ta kawo mata bayan rabin awa.