Rufin asbestos: ranar cire shi ce ranar haɗari

Na taɓa tsayawa ina kallon wani matashin lebura a kan tsohon gini yana yanka fallen rufin asbestos da injin yanka mai faifai. Farar ƙura ta turnuƙe shi, har gashin idonsa ya yi fari. Ya ɗaura hankici a hanci, a ganinsa ya kare kansa. Har yau abin na damuna.

Irin wannan rufi siminti ne aka cakuɗa da zaren wani ma'adini mai suna asbestos, kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100, haka ma tsofaffin bututun ruwa na siminti. Muddin fallen na zaune lafiya bai farfashe ba, simintin na riƙe da zaren, haɗarin kaɗan ne. Shi ya sa ban goyon bayan masu gaggawar yaye rufi lafiyayye don tsoro kawai. Matsalar tana farawa ne ranar da aka yanka, aka huda ko aka fasa. Zaren da ke tashi ido ba ya ganinsa, yana ratsa hankici, ya sauka can cikin huhu ya maƙale. Ba wani ciwo da za a ji a ranar. Sai bayan shekara 20, 30 ko 40 numfashi ya fara sarƙewa, ko sankarar huhu ta bayyana, ko mesoteliyoma, wato sankarar fatar da ta lulluɓe huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos na haddasa sankara. Mai shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhu ya ninka masa.

A ganina nauyin yana wuyan mai gini, domin shi ke cewa a gama yau-yau, gaggawa kuma ita ke kawo guduma. Aikin da ya dace jinkiri gare shi. A jiƙa fallen da ruwa mai ɗan sabulu, a hankali, ba da injin fesa ruwa mai ƙarfi ba. A kwance notin ko a datse kansa, a zare fallen ɗungurungum, a miƙo shi ƙasa hannu da hannu. Kada a taka shi kai tsaye, yana ɓurmawa da mutum, sai an shimfiɗa katako. A nannaɗe shi da leda mai kauri ninki biyu, a rubuta abin da ke ciki, a kai inda hukuma ta ware. Ɓaraguzan a kwashe su a jiƙe, ban da shara a bushe, ban da cike ramin hanya da su.

Takunkumin da ke aiki shi ne mai lambar FFP3 ko P3, kuma sai ya kama fuska sosai. Gemu yana hana shi zama. Tufafin aikin ma kada su shiga gida. An samu matan da suka kamu da mesoteliyoma ta hanyar kakkaɓewa da wanke tufafin mazajensu, alhali ba su taɓa hawa rufi ba.