Ƙwallo 13 a wasa 14, da kuɗin da 'yan caca ke asara

A watan Janairun 2012 Newcastle ta sayi Papiss Cissé, ɗan Senegal, kuma kafin kakar ta ƙare ya zura ƙwallo 13 a wasa 14 na gasar Firimiya. Kakar da ta biyo baya ya buga wasa 36, ya ci 8 kacal. Masoya suka yi ta cewa ƙafarsa ta mutu. A ganina ƙafar ba ta je ko'ina ba, sa'a ce ta janye, ya koma kusa da matsayinsa na ainihi.

Duk sakamakon wasa haɗi ne na iyawa da sa'a. Iyawa tana bin ɗan wasa daga mako zuwa mako, amma ƙwallon da ta bugi turke ta faɗa raga, ko kuskuren mai tsaron gida, ba su da alkawarin dawowa. Idan mutum ya yi abin da ya zarce ƙima cikin 'yan wasanni, kusan ko yaushe sa'a ta sa hannu sosai. Wannan ba ya nufin dole ya lalace gobe don ya biya bashi, kamar yadda wasu ke zato. Abin da ya fi yiwuwa kawai shi ne ya dawo yadda ya saba.

A nan ɗan caca ke faɗawa rami. Mu ƙaddara akwai ɗan wasan gaba da ke cin ƙwallo a wasa 4 cikin 10, idan aka duba shekarunsa. Biyan da ya dace ga wanda ya yi caca cewa zai ci ƙwallo shi ne ninki 2.50 na kuɗin da ya zuba. Sai ya ci a wasa biyar a jere, jama'a suka yi masa caa, kamfani ya sauke biyan zuwa 1.80. Wannan lamba tana nufin damarsa ta kai kusan kashi 56 cikin 100, alhali bai wuce 40 ba. Wanda ya zuba 100 sau goma ya kashe 1,000, ya ci sau huɗu, ya karɓi 720. Asarar 280 ke nan, kuma ɗan wasan bai gaza ba, abin da ya saba ya yi. Kamfanin kuwa, dama ya cire ladansa a cikin lambar tun kafin a take leda.

Ba kowane tashe ne sa'a ba, wannan gaskiya ne. Sabon koci ko sauyin gurbi na iya ɗaga mutum da gaske, kuma ana ganewa daga yawan bugun da yake kaiwa raga da inda yake bugawa, abin da alƙaluman xG, wato ƙiyasin ƙwallayen da ake sa ran irin waɗannan bugu za su haifar, ke aunawa. A manyan gasa, kusan bugu ɗaya cikin goma ne ke zama ƙwallo. Wanda damar bugun da yake samu ta ƙaru, akwai dalilin a ce ya canza. Wanda bugunsa bai ƙaru ba amma rabinsu na shiga, wasa biyar ba su isa su goge shaidar wasa ɗari ba.