Kwana ɗaya da kashi ɗaya: a bar wa yarinyar nan lissafinta

Wata ƙanwarmu a nan Damagaram ta rubuta gajeren labari, ta raba wa mu 'yan kaɗan mu duba mata kafin ta fitar da shi. Labarin wata budurwa ce da aka ɗauka aikin akawu a wani kamfanin sayar da kaya, ta karɓi takardar albashinta ta farko, ta zauna da alƙalami ta gano an rage mata kuɗi. Wasu cikinmu suka ce alƙaluman sun yi yawa, a cire su, a bar ɓacin ran yarinyar kawai. Wasu kuma suka ce yarinyar ba ta da kunya: wata guda da ɗaukarta aiki, har ta tunkari babba da maganar jika uku. Ni na yi shekaru ina haɗa takardun albashin mutane, kuma ban yarda da ko ɗaya cikin maganganun biyu ba. Bari in ba ku labarin yadda yake, ku yi hukunci da kanku.

An ɗauki yarinyar a kan sefa 90,000 a wata, kafin a cire komai. Ta fara aiki ranar 6 ga Satumba. Ƙarshen wata aka miƙa mata ambulan da takarda guda, ta sa hannu a rajista ba ta karanta ba, don mutane na jira a bayanta. Ta hau kabu-kabu ta koma gida Garin Malam, ta ba Innarta ambulan ɗin ta sa albarka, aka fitar da na kaka da na ƙanne. Sai bayan isha'i, da gida ya yi shiru, ta shimfiɗa takardar a kan tabarma ta haska ta da fitilar waya.

Layin farko ya ce kwana 24, sefa 72,000. Ta san yadda kamfanin ke yi wa wanda bai cika wata ba: a raba albashi gida 30, a ninka da kwanakin da yake cikin aiki, har da ranakun hutun mako. 90,000 a raba 30, kowace rana ta kama 3,000. Kwana 24 kuwa 72,000 ne daidai, babu kuskure a ninkawar. Amma zuciyarta ba ta kwanta da 24 ɗin ba. Ta ajiye wayar ta fara ƙirga da yatsu, shida, bakwai, takwas, har talatin. Yatsu suka ba ta 25. Ta sake, 25 dai. A nan ta gane abin da ya faru: wanda ya cika takardar ya cire 6 daga 30 ya samu 24, ya manta cewa ranar 6 ɗin ita ma ta yi aiki, tun ƙarfe takwas tana biro. Kwanakin da ba ta nan biyar ne, daga 1 zuwa 5. Idan aka cire biyar daga talatin, saura 25, kuɗinsu 75,000. An cinye mata rana guda, jika uku cur.

Wannan kuskuren duk wanda ya taɓa haɗa albashi ya san shi, kuma kusan kullum a kan sabon ma'aikaci yake faɗawa, domin shi ne watansa bai cika ba, shi ne kuma wanda ya fi kowa jin nauyin tambaya.

Da marubuciyar ta tsaya a nan, da labarin ya yi daɗi amma bai kai inda ya kai ba. Yarinyar ta gangara layi na gaba, inda aka rubuta CNSS, wato asusun da ke biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki. An cire mata 4,500. A Nijar abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci don wannan asusu kashi 5.25 ne cikin ɗari. Mai kamfani kuma yana biyan nasa daga aljihunsa, kashi 16.40, wanda a ciki kashi 6.25 na fansho ne. Yarinyar ba ta zargi kowa ba tukuna. Ta ɗauki 4,500 ta raba da 72,000, wayar ta nuna mata 0.0625. Kashi 6.25 ke nan. An ɗauko adadin mai kamfani an ɗora a layinta.

Ku lura da dabarar, don ita ce abin da nake so kowane ma'aikaci ya ɗauka daga labarin nan. Ba sai ka san yadda aka tsara na'urar kamfani ba. Ka ɗauki abin da aka cire, ka raba shi da jimillar da aka cire shi daga gare ta, adadin da ya fito zai gaya maka kashin da aka yi amfani da shi. In ya yi daidai da na doka, ka wuce. In bai yi ba, sau da yawa adadin da kansa zai nuna maka inda hannu ya zame, kamar yadda 6.25 ya nuna wa wannan yarinya.

Sai ta sake gina takardar a bayan wani tsohon littafinta na lakkwal. Kwana 25, sefa 75,000. Kashi 5.25 na wannan ya kama 3,937 da rabi, ta cika shi 3,938. Abin da ya rage kafin haraji 71,062. A takardar kamfani kuwa, 72,000 a cire 4,500, saura 67,500. Tsakanin biyun akwai 3,562, jika uku da rabi da 'yan kai. Layin haraji, wanda ake rubuta ITS, ba ta taɓa shi ba, kuma na yaba wa marubuciyar a kan wannan. Harajin albashi hawa-hawa ake lissafa shi, kuma ana duba yawan iyalin da ke wuyan mutum, saboda haka yarinyar ta rubuta a gefe cewa in albashin ya ƙaru harajin ma zai ɗan ƙaru, ba duka 3,562 ɗin za su shigo hannunta ba. Ba ta nemi abin da ba nata ba, ko dala.

To, masu cewa a cire alƙaluma, ku gaya mini me zai rage. Budurwa tana kuka a kan tabarma tana cewa an zalunce ta? Da wace hujja? Mai karatu zai ce ƙila zato take yi, ƙila ta ruɗe tsakanin albashin da aka faɗa mata da wanda ke shiga hannu bayan an yi cire-cire, kuma wallahi sababbin ma'aikata da yawa a nan suke ruɗewa: an ce musu 90,000, sun ga ƙasa da haka, sun ce an cuce su alhali ba a cuce su ba. Lissafin ne ya raba wannan yarinya da su. Lokacin da yatsunta suka tsaya a 25, mai karatu ma ya ƙirga tare da ita, ya tabbatar da kansa. Ni da na karanta wurin sai da na ajiye takardar na ƙirga.

Kuma akwai abin da ba ya fitowa sai da alƙaluman. Cikin kuskuren biyu, wanda ya fi girma a ido shi ne jika ukun nan, amma sau ɗaya zai faru, don daga Oktoba watanta cikakke ne. Kashi ɗayan nan da aka ƙara mata shi ne mai zama. A kan 90,000, kashi ɗaya cikin ɗari 900 ne kowane wata, 10,800 a shekara, kuma ba mai gyara shi in ba wani ya yi magana ba, domin wata mai zuwa kwafar layin watan da ya wuce ake yi. Da ta bari sai ta saba da aiki ta daina jin kunya, da adadin ya zama mata "albashina ke nan", ta daina kallonsa.

Maganar rashin kunya kuwa ta fi damuna. Matar da ta je kasuwar Dole ta sayi tiya goma ta hatsi, tana tsaye tana ƙirgawa yayin da ake auna mata, ba wanda ya taɓa ce mata marar tarbiyya. Me ya sa wadda ta sayar da kwana ashirin da biyar na rayuwarta za a ce ta rufe ido? Mun taso ana karanta mana Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye awo, kuma tauyewar da aka yi da mantuwa ma ana mayar da ita in an gano. Wanda ya nuna wa mai lissafi kuskurensa ya sauke masa nauyin da bai san yana ɗauke da shi ba.

Ku duba ma yadda ta yi. Innarta ta ce mata, "Ke dai ki yi haƙuri, 'yar nan, aiki wuya yake yi, kada ki ja wa kanki." Ta ce, "Inna, ba faɗa zan yi ba, tambaya zan yi." Washegari ta jira har biron ya rage mutane, ta shiga wurin dattijon da ke haɗa albashi, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, don Allah ka duba mini, ko ni ce ban gane ba." Ta ajiye takardar kamfani da tata kusa da juna. Ba ta ambaci sata ba, ba ta je wurin mai kamfani ta bayan dattijon ba. Ya sa tabarau, ya ƙirga kwanakin a kan kalandar bango da bakin alƙalami, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗiyata, kin fi ni gaskiya." Ina rashin kunyar a nan?

Inda nake da ƙorafi a kan labarin wuri ɗaya ne. Da yarinyar ta tuna ta riga ta sa hannu a rajista, marubuciyar ta sa gabanta ya faɗi, ta ɗauka magana ta ƙare, sannan labarin ya wuce bai warware wannan tsoro ba. Ya kamata wani a cikin labarin ya faɗa mata cewa a dokar aiki, karɓar takardar albashi ba tare da ƙorafi ba ba ya nufin ka yafe abin da ya rage maka. Ma'aikata da yawa ba su san haka ba, kuma wannan tsoron ne ke rufe musu baki. Jimla ɗaya a bakin dattijon ta isa. Haka nan zan so ya gaya mata cewa ba za a ba ta cikon a hannu ba, a takardar Oktoba zai fito a layi na daban, domin abin da ake kai wa asusun fansho da sunanta shi ma ya gyaru. Sai ta san abin da za ta duba ƙarshen Oktoba: 90,000 cikakku, CNSS 4,725, saura 85,275 kafin haraji, ga kuma layin cikon Satumba a ƙasansa. Na gaya wa ƙanwar tamu ta ƙara waɗannan biyun, alƙaluman kuma kada ta cire ko ɗaya.