Ka gina abin da za ka tare a ciki, ba abin da za a nuna a waya ba

Duk inda ma'aikatanmu 'yan albashi suka haɗu a nan Jidda, hira ba ta tashi sai an taɓo maganar fili. Wani ya ce haya asara ce, wani ya ce gini daga nesa ciyar da magina ne. Ni dai ina ganin muhawarar tana cakuɗa mutum biyu da lissafinsu ya sha bamban: ma'aikacin da ke zaune a Kano, da irinmu da muke zaune a Saudiyya da iƙama.

Mu a nan haya ba zaɓi ba ce. Mai albashi madaidaici ba ya mafarkin mallakar gida a Jidda, balle Makka. Ana rubuta yarjejeniya a manhajar Ejar, a biya kuɗin shekara ko a raba shi biyu, shi ke nan. Rusau ɗin da aka yi a 2021 da 2022 a unguwanni irin su Sabil da Karantina ya watsa mutanenmu da dama, kuma ya ƙara matsi a kan gidaje masu sauƙin kuɗi. Ga kuma kuɗin da ake biya a kan iyali: an fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, ya kai 400 tun 2020. Mai mata ɗaya da yara uku yana biyan riyal 1,600 a wata, wato 19,200 a shekara, kafin ya taɓa kuɗin haya. In muka ɗauka hayarsa riyal 18,000 ce, to zaman iyalin nan kaɗai ya lashe sama da 37,000. Ko ya gina bene a Rijiyar Zaki, riyal ɗaya ba zai ragu daga wannan ba matuƙar iyalin suna nan.

Ɗan'uwana da ke koyarwa a Kano kuwa yana da wata dama da ba mu da ita. A can mutum yana iya tarewa a gidan da ba a gama ba. In akwai rufi, ƙofa, taga da makewayi, sai a shimfiɗa leda a shiga, filasta da silin su biyo baya. A nan hukumar gari ba ta yarda da haka, gini sai da lasisi kuma sai an kammala. Saboda haka ga na Kano, ranar da ya tare ranar ce kuɗin haya ya koma kuɗin siminti. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta gini a hankali, kuma ita ce mutane suka fi yin wasa da ita.

Yadda ake wasa da ita shi ne a zana gida mai ɗaki huɗu da falo biyu, a zuba harsashi gaba ɗaya, a ɗaga bulo har linta, sai kuɗi ya ƙare. Kango ya zauna damina uku ba rufi. Bulon da aka buga da ƙarancin siminti ya fara zubar da yashi, kana goga shi da yatsa yana marmashewa. Rodin da aka bari a tsaye ya yi tsatsa, ciyawa ta fasa daɓe, yara sun mai da wurin makewayi. Duk wannan lokacin mai ginin yana biyan haya, kuma miliyoyinsa suna kwance a rana ba sa kawo masa ko sisi.

Mu duba lissafin bulo kawai. Fili mai ƙafa 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, kusan mita 91. Kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo kusan 10. In za a ɗaga katanga mita biyu da rabi har da abin da ya shiga ƙasa, ana maganar bulo sama da 2,200. To, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki a kan mita 7 da 10 ba za su wuce bulo 2,000 ko kusa da haka ba. Wato wanda ya fara da kewaye filin duka ya kashe bulon gidan da zai iya kwana a ciki. Na san dalilin katanga, tsoron masu cin iyaka ne da sirrin iyali, kuma ba dalilin banza ba ne. Amma layi uku na bulo a kan iyaka sun isa su nuna fili yana da mai shi, sannan a killace ɗan tsakar gida a gaban sashen da aka gina. A sa mai zane ya tsara gidan duka tun farko, ya nuna inda za a tsaya da inda za a ɗora, don kada a zo ana fasa bango daga baya.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada a fara mataki sai kuɗin ƙarasa shi yana hannu. Harsashi zuwa daɓe mataki ɗaya ne, yana iya jira. Daga ɗaga bango zuwa kwano kuma mataki ɗaya ne, ba a raba shi, kuma a yi shi da rani. Kada a tara siminti da sunan gudun tsada, domin bayan wata uku ƙarfinsa yana raguwa, in ya sha danshi ya dunƙule. Mai son ya riga hauhawar farashi ya sayi kwano da rodi, in yana da wurin ajiya mai tsaro.

Kafin duk wannan akwai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kake saya haƙƙin zama ne. Filin awon igiya ya fi araha, amma takardar dillali da sa hannun mai unguwa ba su hana a ce wurin hanya ce ko makaranta a taswirar gwamnati. A Kano a je hukumar bayanan filaye ta KANGIS a bincika fayil kafin a biya, a kuma nemi izinin gini daga hukumar tsara birane ta KNUPDA. In filin gado ne, a ga dukkan magada, ba babban wa kaɗai ba. Sannan a je a ga wurin a watan Agusta, lokacin da kwari ba ya iya ɓuya.

Nisa ma kuɗi ne. Malamin da ya bar haya a Gwale ya koma bayan gari inda ba wuta ba ruwa, ya lissafa kuɗin adaidaita na kansa da na yara, da kuɗin 'yan garuwa. In jimillar ta kusa kamo hayar da ya gudu, gara ya riƙe filin a matsayin ajiya ya ci gaba da hayarsa tukuna.

Mu na nan fa? Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 kan kowace dala zuwa sama da 1,500 a 2024. Don haka ban ga hikimar tura kuɗi kowane wata su zauna a asusun naira ko a hannun ƙani ana "ci gaba da aiki" ba. A sayi filin, a gyara takardu, a tara sauran a riyal. In kuɗin mataki ya cika, a haɗa shi da hutun shekara, mutum ya tsaya a kan aikin da kansa yana ƙirga buhu. Tambayar da ke yanke hukunci ita ce wa zai shiga gidan ranar da aka buga kwano. In uwargida da yara za su koma, riyal 19,200 ɗin nan da rabin haya sun dawo aljihu, kuma su kaɗai za su ƙarasa sauran ginin. In ba wanda zai koma nan kusa, a gina shi yadda ɗan haya zai iya shiga, ko a tsaya a fili kawai.